Hitar wanka tana kawo ruwa ɗumi-ɗumi kawai: elemen ne ya mutu ko tamostat ce ke yankewa?

Malam Sani, Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta a cikinmu. Hitar banɗakin gidana, wadda take maƙale a bango, mai cin lita 50 ce, kuma a jikin takardarta an rubuta 1500W da 230V. Tun da sanyin nan ya shigo ruwanta ba ya wuce ɗumi-ɗumi, ko da kuwa an bar ta a kunne tun bayan isha'i har asuba kuma ba a ɗauke wuta ba. Jar fitilar da ke ƙasanta tana kamawa idan an kunna, amma kafin awa guda sai ta mutu da kanta. Na kira wani mai gyara, ya taɓa ruwan da hannu, ya ce elemen ya mutu, in ba da kuɗi ya je Sabon Gari ya sayo sabo. Bai kwance komai ba, bai kuma auna komai ba, shi ya sa zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya mutum zai gane ko elemen ne, ko tamostat ce, ko kuwa katawut ɗin cikinta ne ya faɗi?

Alhaji Bala, Gwammaja

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Mai gyaran nan bai yi nisa da gaskiya ba. Idan ruwan rijiyar burtsatse kuke sha, to farar ƙasa ce ta lulluɓe elemen ɗin har ƙarfinsa ya ragu. Ka leƙa gindin butar shayinku, idan ka ga farin ɓawo ya kama, to abin da ke cikin hitar ya ninka shi. Elemen idan ya tsufa a hankali yake rage zafi kafin ya mutu gaba ɗaya. Ka canza shi ka huta.

Injiniya Kabiru, Sharaɗa

Malam Sani, kada ka ba da kuɗin elemen tukuna, domin abin da ka faɗa game da fitilar nan ya fi nuna wani wuri dabam. Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, maganar farar ƙasa tana da tushe, amma elemen ba ya rage ƙarfi saboda tsufa kamar yadda ake zato. Abin da ke cikinsa siririyar waya ce a naɗe cikin bututun ƙarfe, kuma muddin wayar ba ta tsinke ba, wutar da take ja ba ta canzawa sosai. Ranar da ta tsinke kuwa, zafi ya ƙare baki ɗaya. Saboda haka a hita mai elemen ɗaya, wadda ita ce aka fi samu a gidajen Kano, mutuwar elemen ruwan sanyi take bayarwa, ba ɗumi-ɗumi ba. Haka ma katawut, wato makunnin kariya da ke cikin hitar, idan ya faɗi yana yanke wuta ne gaba ɗaya, kuma ba ya komawa da kansa sai an danna shi da hannu.

Yanzu ga amfanin fitilar. A yawancin waɗannan hitoci an haɗa ta ne bayan tamostat, mai yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, a gefen da ke kai wuta ga elemen, don haka kamawarta tana nufin wuta ta ratsa katawut da tamostat ta isa bakin elemen. Ba ta nufin elemen yana aiki. Da elemen ɗinka ya tsinke, da fitilar ta kwana a kunne, domin ruwan ba zai taɓa yin zafin da zai sa tamostat ta yanke ba. Da kuma katawut ne ya faɗi, da ba ta kama ko sau ɗaya ba. Taka tana kamawa, ruwa ya ɗan yi ɗumi, sannan ta mutu, wato tamostat ce take ganin aiki ya kammala alhali ko rabi ba a kai ba. Abin da ya rage mu gano shi ne dalilin da ya sa take ganin haka.

Kafin a kwance komai, akwai gwajin da za ka yi da kanka idan mitarku mai kati ce. Ka zubar da ruwan ɗumin har ya huce, ka kashe sauran kayan wutar gida, ka rubuta yunit ɗin da ke kan mita, sannan ka kunna hitar ka duba agogo. Da zarar fitilar ta mutu sai ka sake karanta mitar. Yunit ɗaya yana ƙara wa ruwa lita 50 zafin da ya kai digiri 17 ko kusa da haka, don haka ɗaga ruwan hunturu daga wajen digiri 20 zuwa 60 yana buƙatar yunit biyu da ɗan ɗoriya. Ka kuma duba maɓallin juyawa na zafi, domin wani lokaci a wajen goge-goge ake mayar da shi ƙasa ba a sani ba.

Hajiya Binta, Rijiyar Zaki

Malam Sani, irin wannan ta taɓa samunmu, kuma ba a sayi komai ba. Tamu ta wayi gari ruwanta yana tafasa har tururi yake fita daga famfo, washegari kuma sai sanyi ƙalau, fitila ma ba ta kamawa. Yaron da ya zo ya buɗe murfin ƙasa, ya sa tsinke a wani ɗan rami ya danna, muka ji ƙas, shi ke nan ta dawo. Ka sa a danna maka wannan wurin kafin ka kashe kuɗi.

Injiniya Kabiru

Hajiya, naki ciwon ba irin na Malam Sani ba ne, kuma gaskiya naki ya fi tayar mini da hankali. Ramin da yaron ya danna shi ne katawut, kuma aikinsa shi ne ya yanke wuta idan ruwa ya wuce iyakar da tamostat ta kamata ta tsayar da shi. Tafasar da kika gani kafin ya faɗi alama ce cewa bakin tamostat ɗinki ya manne, ta kasa yankewa, katawut ya karɓi aikin. Danna shi bai gyara abin da ya kayar da shi ba. Idan har yanzu wannan tamostat ce a jiki, don Allah ki sa a canza ta, a kuma duba bawul ɗin da ke kan bututun ruwan sanyi wanda yake ɗiga idan matsi ya yi yawa, kada a tarar an toshe shi saboda ɗigar. Ruwan da ya kai haka yana iya saɓule fatar yaro cikin ƙiftawar ido.

Hajiya Binta

Ita ce har yanzu, Injiniya, kuma tun daga ranar sai mu kunna ta na ɗan lokaci mu kashe da hannu. Zan faɗa wa maigidan a yau in sha Allahu.

Malam Habu mai gyaran famfo, Ƙofar Ruwa

Ni ba aikin wuta nake yi ba, amma ina roƙon a duba ɓangarenmu kafin a ɗora wa wuta laifi. Sau da yawa ana kirana a ce hita ta lalace, in tarar tankin cike yake da ruwan zafi, famfon haɗi na shawa ne robarsa ta ciki ta cinye, ruwan sanyi yana tsallakawa ya gauraya da na zafi. Akwai kuma masu haɗa bututu a juye, su sa shigar ruwa a bakin ja, fitarsa a bakin shuɗi, sai famfo ya riƙa jan ruwan gindin tanki wanda bai yi zafi ba. Malam Sani, ka buɗe ɓangaren zafi kaɗai, ka taɓa bututun da ke fita daga bakin ja daf da jikin hitar. Idan ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba amma ruwan shawa ɗumi-ɗumi ne, to a kira mai famfo, ba mai wuta ba.

Injiniya Kabiru

Wannan shawara ce mai kyau, Malam Habu, kuma ya kamata a fara da ita tunda ba ta buƙatar kayan aiki.

Musa, ɗalibi, Kabuga

Ranku ya daɗe, ina ganin an manta da ƙarancin ƙarfin wuta. A unguwarmu da daddare wuta takan sauka ƙasa da bolt 180, fanka ma da ƙyar take juyawa. Ba zai yiwu wannan ne ya hana ruwan zafi ba? Kuma na taɓa ganin wani mai gyara ya tsallake tamostat ya haɗa waya kai tsaye da elemen, ruwa ya yi zafi nan take. Me zai hana a gwada haka a huta da tamostat ɗin?

Injiniya Kabiru

Musa, rabin maganarka ta farko daidai ce. Ƙarfin elemen yana faɗuwa fiye da yadda bolt yake faɗuwa, domin lissafinsa haka yake, inda P ke nufin wat, V bolt, R kuma om ɗin elemen:

```
P = V × V ÷ R
R = 230 × 230 ÷ 1500 ≈ 35 Ω
```

Elemen mai wat 1500 idan ya samu bolt 170 kawai, abin da zai bayar bai wuce wat 820 ba, wato aikin awa ɗaya da rabi ya koma na kusan awa uku. A gidan da wuta ba ta daɗewa, wannan kaɗai ya isa ya sa a riƙa wanka da ruwa ɗumi-ɗumi ana zargin hita. Sai dai a irin wannan hali fitila ba ta mutuwa da wuri, sai ma ta daɗe a kunne fiye da yadda aka saba, kuma Malam Sani ya ce wuta tana kwana.

Maganarka ta biyu kuwa ina roƙonka kada ka sake ba wa kowa ita. A hitocin nan tamostat da katawut a kai ɗaya suke, wanda ya tsallake ɗaya ya tsallake duka biyun, ya bar rufaffen tanki yana dahuwa ba mai tsayar da shi. Ranar da aka manta ta a kunne kuma bawul ya ƙi buɗewa, tankin yana iya fashewa.

Malam Sani

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na samu. Maɓallin zafi yana kan MAX tun asali. Bututun bakin ja ɗumi-ɗumi yake daidai da ruwan shawa, don haka ina jin ba famfon haɗi ba ne. Na yi gwajin mita kamar yadda Injiniya ya ce, fitila ta mutu bayan minti 40, mita kuma ta ci kusan 0.8 na yunit. Na ari ma'aunin zafi na girki a wurin uwargida, ruwan tankin sama ya nuna digiri 21, na hitar kuma 35. Akwai kuma abin da ban faɗa ba da farko, idan tana aiki ina jin ƙara ƙas-ƙas daga cikinta kamar ana soya gyaɗa a yashi.

Injiniya Kabiru

Alhamdu lillahi, lissafin ya fito. Cin 0.8 na yunit a minti 40 yana nufin elemen yana jan kusan wat 1200, kuma wannan shi ne abin da lafiyayyen elemen mai om 35 zai ja idan wutar gidan tana wajen bolt 205. Zafin da ya ƙaru, digiri 14, shi ma ya yi daidai da yunit ɗin da aka ci. Wato duk wutar da ta shiga ta zama zafi, matsalar ita ce an yanke ta kafin lokaci.

Yanzu ka kira mai gyara wanda yake da maltimita, ka tsaya a kansa. Ya kashe bireka, ba makunnin banɗaki kaɗai ba, ya tabbatar da maltimitar cewa babu wuta a wayoyin kafin ya sa hannu, domin akwai gidajen da aka sa makunni a kan wayar nutural. Idan ya cire murfin roba na ƙasa zai ga kan tamostat, wanda ƙafafunsa biyu suke shiga bakin elemen, da doguwar sanda da take shiga wani kube a cikin tanki. Ana zare ta a miƙe ba tare da ruwa ya zubo ba, muddin ba a taɓa notocin da suka riƙe elemen ba. Daga nan ya auna tsakanin bakunan elemen biyu, ya kamata a ga om 33 zuwa 38. Idan maltimitar ta nuna OL, wato babu haɗi tsakaninsu, to ya tsinke, amma ba na tsammanin haka. Sannan ya auna tsakanin kowane baki da ƙarfen jikin tanki, a nan kuma OL ake so a gani. Wannan awo na biyu kada a tsallake shi, domin akwai yanayi guda da lalataccen elemen yake ba da ɗumi-ɗumi, shi ne idan bututunsa ya tsage, wuta tana bi ta cikin ruwa zuwa jikin tanki. A gidan da wayar at, wato wayar kariya da ke shiga ƙasa, ba ta da kyau, alamarsa ita ce famfo ya riƙa ɗan jan mutum idan ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Maltimita ba ta kama kowace tsaga, wanda ya fi tabbaci shi ne awon mega, na'urar gano yoyon wuta, a bolt 500, inda ake son a ga fiye da megaom 1.

Ita kuwa tamostat, idan aka auna ta a sanyi daga kowace mashiga zuwa ƙafar da ke bin ta, za a ga kusan sifili, amma wannan bai wanke ta ba, domin abin da ya nuna kawai shi ne tana rufewa kuma katawut bai faɗi ba. Laifinta na yankewa da wuri ba ya bayyana sai an tsoma sandar gaba ɗaya a ruwan zafi, ban da kan, ana duba ma'auni ana sauraren inda za ta yi ƙas.

Alhaji Bala

Injiniya, na ji bayaninka kuma na karɓi maganar om. Amma ƙarar nan da Malam Sani ya ambata ba tamostat ce take yin ta ba, ruwa ne da ya maƙale a ƙarƙashin ɓawon farar ƙasa yake tafasa. Na ga an buɗe tawa, elemen da kuben nan da ka ambata sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya. Idan haka ne, zafin elemen zai bi ta ɓawon ya isa sandar kafin ya isa ruwa, ita kuma ta yanke. Ka ga ke nan tamostat ɗin lafiyarta ƙalau, ƙarya ake yi mata.

Injiniya Kabiru

Wannan magana gaskiya ce, Alhaji, kuma ita ce dalili na biyu da yake sa tamostat ta yanke da wuri. Yadda nake bambancewa shi ne, idan ɓawo ne, kuben yana saurin hucewa bayan an yanke tunda ruwan da ke kewaye bai yi zafi ba, sai fitila ta riƙa mutuwa tana dawowa, ruwan kuma yana hawa a hankali har ya yi zafi idan an ba shi dare guda. Idan kuwa tamostat ce ta kauce daga saitinta, fitila takan mutu ta daɗe a mace, ruwa ya tsaya a wuri ɗaya. Wanda ya kwana a kunne ya tashi a 35 ya fi kama da na biyun, ko da yake babu abin da ya hana a samu duka biyun a hita ɗaya.

Malam Sani

An yi aikin jiya da yamma. Na samu wani mai gyaran dabam, ya zo da mitarsa. Wutar gidan ta nuna bolt 204 lokacin da hitar take ja. Elemen ya nuna om 36, tsakaninsa da jikin tanki kuma OL, amma mega ba shi da ita, don haka wannan awon ba a yi ba. Da ya zaro tamostat mun ga ƙafa ɗaya ta yi baƙi, robar gefenta ta ɗan narke har tana warin ƙuna, ya ce ta daɗe a sake. Gwajin tsomawa bai yiwu ba saboda ba mu da tukunyar da za ta shanye tsawon sandar. Ya tafi kasuwa da tsohuwar don a samu mai tsawon sanda iri ɗaya da amf 16 kamar yadda aka rubuta a kanta, ya goge bakin elemen ɗin, ya matse shi, ya sa sabuwar. Daren jiya fitila ta yi kusan awa biyu kafin ta mutu, da asuba ruwa ya nuna digiri 58, sai da aka surka. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin dai tana nan, har ma ta fi da ƙarfi idan ruwan ya ɗauki zafi.

Injiniya Kabiru

Madalla. Ƙafar da ta ƙone ta isa dalilin canza ta ko da babu wani laifin, domin sakakken haɗi yana yin zafi a cikin kan tamostat, yana lalata ta, wani lokaci har ya kayar da katawut alhali ruwa bai yi zafi ba. Bayan mako guda ka sa a kashe bireka a sake buɗe murfin a duba ko sabuwar ƙafar ta fara canza launi, tunda bakin elemen da ya taɓa ƙonewa ba kullum yake riƙewa da kyau ba. Game da ƙarar, ni a ganina a bar tankin a rufe har sanyi ya wuce, matuƙar an samu mega an auna kuma awon ya yi kyau, domin buɗe tsohon tanki yakan jawo ɗiga idan ba a samu robar baki da ta dace ba.

Alhaji Bala

Ni dai ban yarda a jira ba, Injiniya. Elemen da ɓawo ya rufe yana aiki ne cikin zafin da ya fi ƙarfinsa, kuma yanzu da sabuwar tamostat za ta bar shi awa biyu a jere maimakon minti 40, ƙarshensa ya matso. Gara a buɗe yanzu a kankare, a canza sandar magniziyam mai kare tanki daga tsatsa idan ta cinye, da a wayi gari a tsakiyar hunturu babu ruwan zafi.

Malam Habu mai gyaran famfo

Idan za a buɗe, Malam Sani, a fara neman robar bakin kafin a kwance noti ko ɗaya, ka ɗauki hoton takardar jikin hitar da na wurin da elemen ya zauna ka turo mini in duba maka a nan kasuwa. Kuma bayan an mayar, kada kowa ya kunna wuta sai an buɗe famfon zafi ruwa ya zubo sosai babu iska, domin elemen da aka kunna a busasshen tanki cikin ɗan lokaci yake ƙonewa.

Malam Sani

Zan turo hoton anjima in sha Allahu, Malam Habu. Injiniya, ko akwai wanda ka sani a ɓangaren Hotoro ko Tarauni da yake da mega? Ina so a yi wannan awon kafin in yanke shawarar buɗewa ko jira.